«Ni Na Riga Shi Latsawa»: Ƙorafin da Lissafi Ya Ƙaryata

Akwai magana guda da ba ta ƙarewa a bakin wanda aka kayar a wasan faɗa na bidiyo, ko Street Fighter ne ko Tekken: «Ni na riga shi latsawa.» Idan aka matsa masa, sai ya ƙara da cewa naushin abokin karawarsa yana da «fifiko», wato wani gata na ɓoye da masu ƙirƙirar wasan suka ba shi don ya rinjayi sauran. Daga nan sai a kai ga hukuncin da ya fi daɗin faɗa, cewa wasan yana son kai. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma illarta ta wuce ta kuskuren fahimta. Wanda ya yarda da ita zai shekara yana shan duka iri ɗaya a wuri ɗaya, domin ya ɗora laifin a kan abin da ba shi da ikon gyarawa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Gaskiyar al'amarin ita ce, na'urar ba ta tambayar wanda ya riga latsa maɓalli. Abin da take tambaya shi ne dukan wa ya riga zama mai cutarwa, kuma ya iske jikin ɗayan a inda ake iya taɓa shi. Amsar wannan tambaya lissafi ce ta tarawa da ɗebewa, wadda ɗan firamare zai iya yi.

Agogon da wasan yake bi

Wasannin faɗa na zamani suna tafiya a kan hotuna 60 cikin kowace daƙiƙa. Kowane hoto guda shi ake kira firam, kuma tsawonsa kashi ɗaya ne cikin 60 na daƙiƙa. A wurin na'ura babu wani lokaci tsakanin firam da firam. A kowanne tana karanta abin da aka latsa, ta motsa jaruman biyu, ta duba ko wani ya taɓa wani, sannan ta zana sakamakon a allo. Duk abin da ya faru a fagen, a kan wani firam mai lamba ya faru.

Kowane duka yana da matakai uku. Na farko shi ne ɗaukar hannu, lokacin da jarumi ya fara motsi amma dukan bai zama komai ba tukuna. Jadawalin wasan yana rubuta shi da sunan Startup. Na biyu shi ne lokacin cizo, 'yan firam ɗin da hannu ko ƙafa ke iya cutarwa, wato Active. Na uku shi ne janyewa, lokacin da dukan ya wuce amma jarumin bai dawo tsaye ba, ba ya iya karewa kuma ba ya iya sake kai hari, wato Recovery.

Misali shi ne matsakaicin naushin Ryu na tsaye a Street Fighter 6, wanda kamfanin Capcom ya fitar a 2023. Bisa alƙaluman da wasan ya fito da su, yana cizo a firam na 6, cizon yana ɗaukar firam 4, janyewa kuma firam 11. A tsarin ƙidayar wannan wasa, lambar farko ta haɗa da firam ɗin cizo na farko, don haka motsin gaba ɗaya firam 20 ne, kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. A cikin ashirin ɗin nan, huɗu kaɗai ne naushin yake naushi. Biyar na farko alkawari ne kawai. Idan wani abu ya taɓa Ryu a cikinsu, naushin ya mutu tun kafin a haife shi, ko da shi ya riga latsawa.

Wannan kaɗai ya isa ya rusa rabin ƙorafin. Mutum ya latsa dukan da ke cizo a firam na 10, abokin karawarsa ya latsa na firam 4 bayan firam uku sun wuce. Na biyun zai iso a firam na 7, na farkon yana can yana ɗaukar hannu. Mai ƙorafi ya faɗi gaskiya cewa shi ya riga latsawa, sai dai gaskiyar tasa ba ta shafi shari'ar ba.

Wanda ya riga samun kansa

Sauran rabin yana cikin abin da ke faruwa bayan an kare duka. Idan naushi ya sauka a kan wanda ya tare, mai tarewar yakan daskare na wasu firam, ba ya iya yin komai. A daidai wannan lokaci mai dukan ma yana ɗaure, yana ƙarasa cizonsa da janyewarsa. Dukansu biyu a ɗaure suke, tambayar ita ce wa za a fara kwancewa. Bambancin shi ne lambar da jadawali ke rubutawa da alamar ƙari ko ragi. Idan an rubuta +2, mai dukan zai sami kansa firam biyu kafin mai tarewa. Idan an rubuta -1, mai tarewar ne zai riga shi da firam ɗaya.

Matsakaicin naushin Ryu yana barinsa a -1 idan an tare, a +7 idan ya shiga. A Street Fighter 6 kuwa, mafi saurin duka na yau da kullum yana cizo ne a firam na 4. Da waɗannan lambobi ana iya yanke hukuncin rikici tun kafin a yi shi. Ƙa'idar ita ce kowa ya tara jinkirinsa da saurin dukansa, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke da nasara.

A ɗauka Ryu ya kai naushin, Ken ya tare, sannan kowannensu ya latsa a farkon damar da ya samu. Ryu ya maimaita naushinsa mai firam 6, Ken ya saki ƙaramin naushi mai firam 4.

```
Ryu: 1 + 6 = 7
Ken: 0 + 4 = 4
```

Ken ya riga shi da firam uku. Ryu da ya ci gaba da latsawa a nan ya jefa kansa cikin wuta da hannunsa.

Yanzu a sauya abu ɗaya. Wasan yana da wata zabura da ake kira Drive Rush, wadda ake biya da ma'aunin ƙarfin da ke saman allo, kuma tana ƙara firam 4 a kan ribar dukan da ya biyo bayanta. Naushin da ke -1 ya koma +3. Hoton da ido ke gani bayan an tare kusan ɗaya ne da na ɗazu, amma lissafin ya juye:

```
Ryu: 0 + 6 = 6
Ken: 3 + 4 = 7
```

Ryu ya yi nasara da firam ɗaya tak. Abin lura shi ne Ken bai makara ba, kuma ya zaɓi mafi saurin abin da yake da shi. An bar masa 'yar kafa ce da gangan, wadda ta ishe shi ya fara motsi amma ba ta ishe shi ya ƙarasa ba. Wannan shi ne tarkon firam, kuma a kansa aka gina yawancin matsin lambar da ƙwararru ke yi. Hukuncin faɗawa cikinsa ma a rubuce yake. Wanda aka daka yana tsakiyar kai hari, allo zai nuna Counter, ɓarnar ta ƙaru da kashi 20 cikin 100, ribar mai dukan kuma ta ƙaru da firam 2. Don haka +7 ya zama +9. Matsakaicin shurin Ryu na durƙuso yana cizo a firam na 8, ƙasa da tara, saboda haka idan tazara ta ba da dama zai shiga kafin Ken ya iya ɗaga hannu ya kare. Kuskuren firam ɗaya ya haifi jerin duka.

Amma +3 ba lasisin yin abin da aka ga dama ba ne. Da Ryu ya zaɓi wannan shurin mai firam 8 a matsayin dukansa na biyu maimakon naushin, Ken da ke isowa a firam na 7 ne zai ci. Riba ɗaya, wuri ɗaya, maɓalli daban, sakamako daban. Idan kuma ma'aunin ƙarfin Ken ya ƙare, ya shiga halin da wasan ke kira Burnout, kowace tarewa tana ƙara masa daskarewar firam 4. A nan +3 ya zama +7, naushi mai firam 6 zai iske shi tun bai kwance ba. Babu kafa kwata-kwata, duk abin da ya latsa ba zai ma fito ba. Mai kallon da bai san wannan ba zai rantse maɓallin ne ya ƙi aiki.

Inda «fifiko» yake da gaske

Adalci ya wajabta a faɗi cewa kalmar fifiko ba tatsuniya ce zalla ba. Tambaya ce ta gaske a ce: idan jimillar biyu ta zo daidai, 7 da 7, me zai faru? Amsar ta danganta da wasan. Street Fighter V, wanda ya fito a 2016, yana da doka bayyananna: idan duka biyu na yau da kullum suka haɗu a firam ɗaya, mai nauyi yana cin matsakaici, matsakaici yana cin ƙarami. Street Fighter 6 ya ajiye wannan doka. A cikinsa dukan biyu suna shiga tare, kowa ya sha na ɗan'uwansa, a yi musaya. Ko a musayar ma ba ragas ake yi ba, domin wanda ya sha duka mai nauyi ya fi yin asarar jini kuma ya fi daɗewa a daskare.

Sai dai a lura da ƙanƙantar wannan fili. Ko a wasan da ke da dokar fifiko, ba ta aiki sai a firam ɗin da aka yi canjaras. Bambancin firam ɗaya ya isa ƙaramin naushi ya kashe babban shuri. Mai ƙorafi ya ɗauki doka da aka tanada don yanayi guda ya mai da ita bayanin kowace faɗuwarsa.

Abin da mutane suka fi kira fifiko a zahiri abu biyu ne daban. Na farko shi ne siffar akwatuna. Na'ura ba ta duba zanen jarumi, tana duba wasu akwatuna marasa ganuwa da aka ɗora a kansa: akwatin cizo, wanda ke cutarwa, da akwatin jiki, wanda ake cutarwa ta cikinsa. Duka yana shiga ne idan akwatin cizon wannan ya shiga akwatin jikin wancan. Idan wani shuri yana da akwatin cizo da ya zarce akwatin jikin ƙafar da ke yinsa, zai ci wanda ke miƙo jiki gaba tun kafin ya fara cizo, ko da saurinsu ɗaya. Na biyu shi ne kariyar da ake ba wasu motsi na ɗan lokaci. Shoryuken na Ryu, idan aka biya shi da ma'auni, yana fitowa babu akwatin jikin da za a taɓa a firam ɗinsa na farko-farko, don haka yana ratsa tarkon da aka bayyana a sama. Drive Impact kuma yana da sulken da ke shanye duka biyu ya ci gaba. Babu ɗayansu da yake sirri, kuma kowanne yana da farashi. Shoryuken ɗin da aka tare yana barin mai shi a tsaye tsirara fiye da rabin daƙiƙa, a yi masa duk abin da aka ga dama. Drive Impact yana ɗaukar firam 26 kafin ya sauka, kuma kamu yana karya shi.

«Lissafi yana kashe basira»

Akwai wata ƙungiya da ta fi masu ƙorafi wayewa amma ta fi su kuskure. Su sun yarda lambobin suna nan, sai dai suna ganin koyonsu aikin masu haddar jadawali ne, gwani na gaske da ido da jin jiki yake wasa. Sukan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

A kasuwar hatsi wannan magana gaskiya ce. A nan ba ta ci ba. Mutum mai lafiya yana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa kafin ya ga abu ya motsa yatsa, wato wajen firam 15, kuma wannan idan abu ɗaya yake jira. Drive Impact mai firam 26 an yi shi ne da gangan don a iya ganinsa a mayar da martani. Amma bambancin 6 da 7 ya yi ƙasa da abin da kowane ido zai kama yana cikin wasa. Wanda ke tsaye a -3 ba zai taɓa ganin cewa yana -3 ba. Ko dai ya sani tun kafin lokacin, ko kuma ya koya da jikinsa bayan an dake shi sau ɗari. Abin da ake kira jin jiki ba kishiyar lissafi ba ne, lissafin ne aka koya ta hanya mai tsada.

Sanannen abin da ya faru a gasar Evo ta 2004 a California yakan zo a bakin masu wannan ra'ayi a matsayin hujja. Daigo Umehara na Japan, da Ken, saura ƙiris jininsa ya ƙare, ya kaɗe duka 15 na babban harin Chun-Li da Justin Wong ya sako masa a Street Fighter III: 3rd Strike, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya ya ci zagayen. Basira ce, babu musu. Amma shure-shuren suna zuwa da tazara ƙayyadadda wadda ba ta sauyawa, kuma babu mai kaɗe sha biyar a jere sai wanda tazarar ta riga ta zauna masa a yatsu. Jarumtar tana cikin aiwatar da sani a lokacin da zuciya ke bugawa, ba cikin rashin sanin ba.

Kuma lambobin ba sa rufe ƙofar dabara, su ne ke buɗe ta. Ken da ya san yana -3 yana da zaɓi: ya ci gaba da karewa ya yi kasadar a kama shi, ko ya saki Shoryuken ya yi kasadar a tare. Ryu da ya san Ken ya sani, zai iya fasa duka ya tsaya yana jiran Shoryuken ɗin. A nan ne karatun zuciyar abokin karawa yake farawa. Wanda bai san lambar ba bai ma shiga wannan tattaunawa ba, maɓalli kawai yake latsawa.

Shi ya sa ɓoye waɗannan alƙaluma bai taɓa zama kare martabar wasa ba. Shekaru da yawa 'yan wasa ne da kansu suke ƙirga firam suna rabawa juna, wanda bai san inda ake samu ba ya zauna cikin duhu. Lokacin da Bandai Namco ya sanya nunin firam a cikin Tekken 7 a ƙarshen 2019, sayar da shi ya yi a matsayin ƙari na kuɗi, abin da ya jawo masa suka, kuma sukar tana kan hanya: dokokin gasa ba kayan alatu ba ne da za a sayar wa wasu a hana wasu. Street Fighter 6 ya zo da ma'aunin firam a ɗakin atisaye kyauta, Tekken 8 ma a 2024 ya bi wannan hanya. Uzurin rashin samu ya ƙare.

Iyakar jadawali

Wanda ya haddace jadawali ya ɗauka ya gama shi ma yana kan hanyar shan mamaki, domin lambar da aka rubuta tana ɗauke da zato biyu: cewa dukan ya taɓa a firam ɗin cizonsa na farko, kuma cewa jaruman suna kusa da juna. Idan ɗaya ya sauya, hukunci ya sauya.

Naushin Ryu yana cizo firam huɗu. Idan aka saita shi a kan wanda ke tashi daga ƙasa har ya zamana firam na huɗu ne ya taɓa, Ryu ya riga ya cinye uku daga cikin lokacin ɗaurinsa, daskarewar mai tarewa kuwa ba ta ragu ba. Sai -1 ya zama +2. Mai jadawali ya ga naushin da ya sani, ya latsa da ƙarfin gwiwa, ya sha Counter. Tazara ma haka take. Matsakaicin shurin durƙuso yana barin Ryu a -6, kuma a takarda duk abin da ya kai -4 ana iya hukunta shi da naushi mai firam 4. Amma idan bakin ƙafar ne kawai ya taɓa, ƙaramin naushi gajere ne, zai daki iska, mai hukuncin ya koma abin hukuntawa. Ga kuma gyare-gyaren da kamfanoni ke yi lokaci zuwa lokaci, waɗanda kan sauya lamba ɗaya su rusa al'adar shekara guda. Sannan jinkirin talabijin ko raunin intanet na iya sa latsawa ta iso a makare. Wannan ƙorafi ne halastacce, sai dai shi ma ana auna shi da firam, ba ya nuna wasan yana son kai.

Hanyar gano abin da ya faru ba ta da wuya. Idan allo ya nuna Counter, an kama mutum yana cikin kai hari, don haka ya latsa a lokacin da ba nasa ba ko ya zaɓi duka mai nawa. Idan ya nuna Punish Counter, an kama shi yana janyewa, matsalar tana cikin dukan da ya gabata, wanda aka tare ko ya daki iska. A nan ribar abokin karawa firam 4 ce maimakon 2. Idan dukansu suka ja baya tare, canjaras aka yi. Sauran aikin na ɗakin atisaye ne: a sa gunkin ya maimaita abin da aka sha, a kunna ma'aunin firam, a duba layi biyun. Kore ɗaukar hannu ne, ja cizo ne, shuɗi janyewa ne, ruwan ɗorawa daskarewa ce. Layin da jansa ya riga bayyana shi ne amsar.

Minti goma na wannan dubawa yakan warware abin da wata shida na ƙorafi bai warware ba. Wanda ya yi shi zai tarar cewa a mafi yawan lokuta da gaske shi ya riga latsawa, kuma wannan gaggawar ce abokin karawarsa yake jira tun farko.